Shafi Ɗaya Don Malam Sake

Zuwa ga Dogo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na can bakin daji. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ce dai take ta yi min tsiya, likita ya ce in rage hawa bene, ni kuwa ofishinmu a sama yake, sai ka ce da gangan. Goggonka tana gaishe ka, ta ce ko ka manta ita da Baba ciki ɗaya suka fito, tunda sai an yi rasuwa ake ganin rubutunka.

Ga dalilin wasiƙar. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta karrama Malam Sake a ƙarshen zangon nan. Kada ka ce min wane ne, mutumin da ya yaga maka takarda har kuka ya ƙare maka. An kafa kwamiti, kuma tunda ni ce mai buga takardun makaranta, duk wahalar a kaina ta sauka. Za a fitar da ɗan littafi mai hotonsa a bango, a ciki kowane zamani na ɗalibansa mutum ɗaya zai rubuta abin da Malam ya yi masa. Shafi ɗaya ake so, wanda za a karanta a minti biyar. Da aka zo kan zamaninku sai na ce a sa Dogo. Ciyaman ɗin kwamiti ya ce ai ba ka zuwa taro, na ce rubutu aka ce, ba rawa ba.

Mai ɗab'i yana son komai kafin wata ya mutu, don sai na buga, kwamiti ya duba, sannan a kai masa.

Abu ɗaya kuma. Malam ya fara mantuwa. Ka san katanga ɗaya ce tsakanina da su, 'yarsa Auta ce take kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta. Rannan ya sa takalmi ya ɗauki jaka wai zai tafi aji, shi da ya bar aiki tun kafin a yi wa makarantar bene. Amma da safe garau yake. Da na gaya masa kai za ka rubuta, sai ya ce, "Yaron igiya? To mu gani ko ya koyi tsafta." Ka ji fa. Don Allah ka yi sauri, yanzu ne yake ganewa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Na samu wasiƙarki ta hannun direban motar kayan abinci, shi ne gidan wayarmu a nan. Lafiyata ƙalau, sai cizon sauro. Allah ya ba gwiwa lafiya. Ki ce wa Goggo na amsa laifina.

Yaya, kin ɗora min dutse. Tun da na karanta ban iya cin abincin kirki ba. Ashe yana tune da igiyar!

Ke lokacin kina wajen aurenki na fari, ba ki san yadda aka yi ba. Ina aji biyu na faɗi lissafi warwas, Baba ya ce karatun ya isa haka, in dawo shagon faci in riƙa hura taya. Malam ya tsare ni bayan an tashi. Na ɗauka duka ne. Sai ya miƙo min igiya da turaku uku, ya ce in ƙulla ta a tazara ɗaya har tazarar ta kai goma sha biyu, in haɗa bakinta. Muka fita fili. Ya ce in kafa turke, in ƙirga uku in kafa, in ƙirga huɗu in kafa, ragowar biyar ɗin ta dawo inda na fara. Da igiyar ta miƙe sai ga kusurwa ta tsaya cak kamar ta littafi. Ya ce, "Abin da kake faɗuwa a kansa a allo ke nan, ga shi a ƙasa." 

A makon ne Baba zai ƙara ɗaki a bayan shago. Malam ya tako da ƙafarsa, ya ce a bar yaro ya fitar da kusurwoyin harsashi. Na fitar, magini ya ɗora ma'auninsa ya ce daidai ne. Da safe Baba da kansa ya tashe ni makaranta. Yau ga ni da na'urar awo a kafaɗa, hanya ba ta bi ko'ina sai inda na kafa turke.

To amma ki ji. Na haɗa ki da Allah kada ki karanta masa wannan wasiƙar. Hira ce, duk kwamacala, ga gogewa har biyu. Mutumin da in ka kawo masa aiki da ɗigon tawada ɗaya zai ɗaga shi sama aji ya gani, ya ce "sake," ya raba shi biyu, shi zan aika wa wannan? Na fara rubuta na gasken. Ki bincika min abu biyu a ofis: a aji biyu ya fara koyar da mu ko tun aji ɗaya, kuma shekara nawa ya yi yana aiki. Ba zan sa abin da ban tabbatar ba.

Ƙaninki,
Dogo

*

Dogo,

Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Gwiwa ta ɗan lafa. Ga Auta nan zaune kusa da ni ina rubutun, ta shigo aron dutsen guga, ta ce in gaishe ka da kyau.

Na duba maka. Aji biyu ne, kuma shekara talatin da huɗu ya yi da alli a hannu. Sai da na sha ƙurar kabad kafin in samo, saura ka ce in auno maka tsawon allon.

Wasiƙarka ta sa ni hawaye, ja'iri. Ni a ganina ita ce ma abin da ake nema, in cire gaisuwa in buga. Amma ka haɗa ni da Allah, na ajiye ta a ƙasan akwati.

An ɗaga taron. Babban baƙon da zai ba da allon karramawa ya yi tafiya, kwamiti kuwa ya ce ba a yi sai da shi, don shi ya yi alkawarin gyara rufin ɗakin taro. Sai farkon zango mai zuwa. Mutum shida sun kawo nasu. Ɗaya shafi uku ya rubuto, biyu da rabi a kan kansa ne da muƙaman da ya riƙe. Wata kuma ta kwafo na wani malamin daban ta canja suna, har da cewa ya koya mata dafa abinci.

Jikin Malam da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya daina faɗa yanzu. Shekaranjiya Ciyaman ya je gaishe shi, yana lissafin kujerun haya a gabansa ya yi kuskure ƙiri-ƙiri, Malam ya dube shi ya yi murmushi kawai. Ba ya neman jakarsa kuma. Yana zaune a baranda yana kallon hanya.

Kada ɗagawar nan ta sa ka miƙe ƙafa. Ka turo.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Ki yi haƙuri da jinkiri, ruwa ya cinye mana hanya, mota ba ta shigo ba sai jiya. Ina lafiya, zazzaɓi ya ɗan taɓa ni ya sake ni. Ina gaida Goggo da Auta.

Kai, na ji daɗin labarin nan! Jiki da sauƙi, ya daina fita neman aji, har yana yi wa kuskure murmushi. Malam Sake da murmushi! Tsufa mai gyara mutum. Hankalina ya kwanta, tunda ga lafiya ta samu ga kuma lokaci an ƙara.

Na gama shafin sau uku na yaga. Na farko na buɗe da cewa Malam uba ne a gare mu. Da na sake karantawa sai na ji muryarsa yana cewa, "Uban wa? Nuna aikinka." Kin san shi ba ya karɓar amsa tsirara, ko daidai ce, sai ka nuna hanyar da ka bi. Na biyu na cika shi da labarin igiya har ya zarce shafi, kuma na karanta da agogo ya haura minti biyar. Na uku ya yi kyau a ido, amma na lura duk daɗin na faɗa, na ɓoye cewa na tsane shi shekara guda cur. In na ɓoye wannan na yi masa ƙarya, shi kuwa zai gane.

Kada ki ce na cika tsirfa. A aikinmu in ka zagaya fili da awo, dole ka dawo kan turken da ka fara. In lissafi bai rufe ba, ba ka murɗa lamba don ta dace, komawa kake ka sake. Shi ya sa min wannan a jini, ba zan karya shi a kan takardarsa ba.

Wata shawara ma ta zo min. Na nemi hutu wajen injiniya. In ya ba ni, ni da kaina zan tsaya gaban Malam in karanta, in ga fuskarsa. Ki ce wa kwamiti su bar min shafina, zan aiko kafin a kai ɗab'i.

Ƙaninki,
Dogo

*

Dogo,

Lafiya muke. Ban da lokacin doguwar gaisuwa.

Kai wane irin mutum ne? Yaushe ka taɓa jin an tambayi jikin mara lafiya an ce da tsanani? Ko yana kan gargara ai "da sauƙi" ake cewa! Na gaya maka Auta tana zaune a gefena, so kake in rubuta a gaban idonta cewa ubanta yana zubewa? Na ɗauka mai ilimi nake wa rubutu. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu bai bar kuskure ya wuce ta gabansa ba, an yi shi a kan hancinsa ya yi murmushi, kai kuma kana murna?

To bari in faɗa maka ƙarara. Bai daina faɗa don ya huce ba, lissafin ne ya tafi. Bai daina neman jaka don ya warke ba, ya manta yana da aji. Jiya ya tambayi Auta ko ita ce sabuwar ma'aikaciyar asibiti. Ta shigo wajena ta yi kuka har ta gode Allah. Safiyar ma da nake cewa garau yake, yanzu sai a yi kwana biyu ba a samu ba. Na ce masa yaron igiya yana gaishe shi, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Dogon nan?" Ka ga da saura, amma kaɗan ne.

Ka turo ko na huɗu ne ko na goma, ko da gawayi ka rubuta. Ko kuwa ka warware min rantsuwar nan in karanta masa ta akwati. Kalma ɗaya ta isa.

Yayarka

*

Dogo,

Shiru. Ban sani ba ko wasiƙata ta same ka, ko zazzaɓin ne ya dawo. Goggo ta ce in tambaya ko lafiya. Ni dai tsoro nake ji, haushi kuma yana cina.

An kai littafi ɗab'i. Na riƙe shafinka har mai ɗab'i ya ce in ba a kawo yau ba a nemi wani. Ciyaman ya sa aka cike gurbin da hoton babban baƙo. An sa taro ranar Asabar ta sama.

Sau biyu ina ciro wasiƙar nan daga akwati ina mayarwa.

Yayarka

*

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wasiƙunki biyu yau suka iso tare. An matsar da mu gaba can bayan kogi, direba kuma ya yi ta ajiye saƙo a tsohon sansani. Lafiyata ƙalau, da ma ciwon ne ya hana ni da na samu abin faɗa.

Na karanta "da sauƙi" na ɗauke shi yadda nake so ya zama. Na warware rantsuwar, ki karanta masa duk abin da kika ga dama. Injiniya ya hana hutun, ya ce ba mai riƙe na'ura in na tafi. Ga shafin nan, a zaune ɗaya na rubuta shi a kan murfin akwatin awo, direba yana min hon. Akwai gogewa, ki bar ta.

Malam,

Ni ne dogon yaron da yake zama a bayan aji kusa da taga. Shekara guda na yi ina ƙin ka. Ranar da ka yaga min aikin da na kwana biyu ina yi saboda layi ɗaya ya karkace, na yi addu'a a canja maka makaranta. Ban san a ranar ka tsince gutsattsarin ka duba lissafin ba, sai da ka kira ni ka ce amsar daidai ce, hannun ne yake gaggawa. Kai ne mutum na farko da ya ce min na yi daidai, kuma ba ka faɗa ba sai da ka tabbatar.

Ka ba ni igiya lokacin da kowa ya ce kaina ba ya ja. Ka taka har shagon mahaifina, ka tsaya a rana, alhali ba ɗanka ba ne ni, ba kuma wanda ya aike ka.

Yanzu ina awon hanya. Akwai wata kwana a kan tudu da aka ce in bar ta yadda take don a yi sauri. Na sake awon sau uku har aka yi fushi da ni, aka gyara ta. Motoci suna bi cike da mutane, ba wanda ya san sunanka a cikinsu, amma kai ka gyara kwanar nan.

Ban taɓa ce maka na gode ba. Kullum ina jira in zama wani abu tukuna. Na gode, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Ɗalibinka, yaron igiya.

Yaya, ki karanta masa da safe. Ki rubuto min duk abin da ya ce, ko "sake" ne.

Dogo

*

Zuwa ga Dogo,

Ina fatan kana lafiya. Mu nan sai godiya. Goggo ta ce a gaya maka ta yi maka addu'a. Na daɗe ban amsa ba don na rasa ta inda zan fara, amma ka ce in rubuto duk abin da ya ce, kuma ba zan sake yi maka "da sauƙi" ba.

Saƙonka ya zo ranar Talata, an yi taro tun Asabar.

Bari in fara da taron. An cika ɗakin, an jera kujerun haya, an ɗaura ƙyalle mai hotonsa na lokacin yana da ƙarfi. Auta ta sa masa fararen kaya ta riƙo hannunsa. Tun daga ƙofa lasifika ta yi ƙara ya firgita, ya ce a mayar da shi gida. Da ƙyar aka zaunar da shi a tsakiyar manya. Babban baƙo ya makara, da ya zo kuma aka yi ta yabonsa a kan rufi har na ɗauka shi ake karramawa. Masu karanta shafinsu suka karanta, ana ta tafi. Malam in ya ga ana tafi sai shi ma ya tafa. Da aka kira sunansa a ba shi allon, bai motsa ba, sai da Auta ta taɓa shi. Ya karɓa ya juya shi baya yana dubawa, mai hoto yana cewa a ɗaga masa kai. Da aka zo zamaninku mai gabatarwa ya ce wakilinsu bai samu dama ba, aka wuce. Ni ina can baya wajen rabon littafi, na ji kamar in nutse.

Ranar Laraba da safe na shiga gidan. Auta ta yi masa wanka ta ba shi shayi, yana baranda an rufa masa zane a ƙafa. Ta ce yau da ɗan dama, ya ci abinci da kansa. Na ja kujera na zauna gabansa, na ce Malam ga saƙo daga yaron igiya. Ya ce, "Madalla," irin wadda yake ce wa mai kawo ruwa.

Na karanta a hankali, ban tsallake ko gogewar ba. Dogo, ya saurara. Wallahi ya saurara, ya karkato kai kamar yadda yake yi in ɗalibi yana bayani a allo. Wajen yaga takarda ya girgiza kai ya ce, "Kai, wannan ya cika zafi." Wajen shagon Baba ya ce, "Allah sarki." Da na zo kan kwanar tudu sai na miƙa wa Auta ta ƙarasa. Na ciro ta akwatin ma na karanta masa, har uku da huɗu da biyar ɗin, ina kallon idonsa ko wani abu zai motsa. Na yi ta zagin kaina a zuci. Da na karya rantsuwarka tun ranar da ta zo na yi kaffara, da ya ji ta da hankalinsa. Kai ka tsaya gyara, ni na tsaya tsoro, ba wanda zai yi wa wani gori.

Da muka gama idonsa ya kawo ruwa. Na ce a raina alhamdu lillahi, ya gane. Sai ya ce, "Yaron nan ya iya magana. Malamin nasa mutumin kirki ne."

Auta ta ce, "Baba, ai kai ne."

Ya yi mata murmushi kamar ta yi wasa. Ya juyo gare ni ya ce, "Baiwar Allah, shi malamin yana raye?"

Na ce yana raye, Malam.

Ya miƙo min takardar da hannu biyu, ya ce, "To me kike yi a nan? Tashi ki kai masa. Irin wannan ba a ajiye ta, a gaya wa mutum tun yana ji."

Na karɓa na ce to.

Yayarka